Martani: Yaro Mai Saurin Fahimta Abin Wasa Mai Zurfi Yake Buƙata

Yaron da ke gama abin wasa cikin yini ɗaya ya jefar da shi yana sa iyaye cikin ruɗani a duk lokacin da za su yi masa tsaraba ko kyautar Sallah. An saya masa mota mai batir, kafin la'asar ya gano duk abin da take yi. An kawo masa hoton da ake haɗa guntayensa, ya haɗa sau biyu, na uku ko kallonsa bai yi ba. A kan wannan matsala wani marubuci ya ba da shawara mai rassa uku. Na farko, a duba shekarun da aka rubuta a jikin kwali a saya wa yaron abin da ya ɗara shekarunsa da uku ko huɗu. Na biyu, a ƙara yawa, wato maimakon hoto mai guntaye 100 a kawo masa mai 1,000. Na uku, idan da hali, a ba shi kwamfutar hannu cike da wasannin koyo, tunda a ganinsa matakan da ke cikinta ba sa ƙarewa. Marubucin ya yi daidai da ya ɗauki ƙosawar yaron da muhimmanci, bai kira ta shagwaɓa ko rashin godiya ba. Amma ya kuskure gano musabbabin ƙosawar, shi ya sa duka rassan shawararsa suka kauce hanya.

Abin da ke ƙarewa a abin wasa shi ne abin da za a gano a cikinsa. Mota mai batir tana da maɓalli biyu ko uku, da zarar yaro ya san aikin kowanne, ya gama da ita. Hoton guntaye yana da amsa guda ɗaya tak, kuma dabararsa ba ta canzawa: a ware guntayen gefe, a tara masu launi ɗaya, a gwada baki da baki. Yaron da ya gano wannan dabara a hoto mai guntaye 100 ba zai sami sabuwar dabara a mai 1,000 ba. Aikin ya yi tsawo kawai, kamar wanda aka ƙara wa nisan tafiya a hanyar da ya riga ya sani. Hakan yana horar da haƙuri da lura, kuma akwai yaran da ke jin daɗinsa, sai dai yaron da ake magana a kansa yana neman sabon tunani ne, kuma ƙarin yawa ba ya ba shi wannan. Kyautar da ta dace da shi ita ce wadda idan ya warware mataki ɗaya, warwarewar da kanta za ta haifar masa da sabuwar tambaya.

Shekarun da ke jikin kwali

Reshe na farko na shawarar ya ɗauka cewa lambar da ke jikin kwali ma'aunin basira ce. Sau da yawa ma'aunin haɗari ce. Gargaɗin da ke hana ba wa yaro ɗan ƙasa da shekara 3 wani abin wasa ya samo asali ne daga ƙananan sassa da kan iya maƙale a maƙogwaro. A Amurka da Turai ana gwada hakan da wani ɗan bututu mai faɗin kusan milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana lissafa shi cikin abin da zai iya shaƙe ƙaramin yaro. A kayan manyan yara kuwa, lambar kan nuna cewa akwai sinadarai, ko kayan yanka, ko ƙananan batura masu kama da maɓallin riga, ko ƙwayoyin maganaɗisu masu ƙarfi. Irin wannan batir idan ya tsaya a maƙoshi yana iya ƙona shi cikin sa'o'i biyu. Maganaɗisu biyu ko fiye idan aka haɗiye su suna jan juna ta bangon hanji har su huda shi. Saurin fahimtar yaro ba ya rage ko ɗaya daga cikin waɗannan haɗura. Ga shi kuma a gida mai yara da yawa kyautar yaro ɗaya takan bi ta hannun ƙannensa, har da mai rarrafe.

Ko an ajiye maganar haɗari, akwai batun cewa gaɓoɓin girman yaro ba sa tafiya tare. Ɗan shekara shida yana iya yin lissafin ɗan shekara tara, amma yatsunsa na ɗan shekara shida ne, haka ma juriyarsa idan abu ya ƙi. Idan aka ba shi kayan haɗa inji da aka yi wa ɗan shekara goma sha biyu, zai fahimci zanen da ke takarda sarai, amma ƙananan kusoshin za su gagari hannunsa. Ƙarshenta uba ko yaya ne zai haɗa, shi kuma ya zama ɗan kallo. An ba shi wahala a inda ba shi da ƙarfi, an bar ƙwaƙwalwarsa ba aiki. Masanin halayyar ɗan'adam na Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya bayyana cewa koyo ya fi yin ƙarfi a tsakanin abin da yaro ke iya yi shi kaɗai da abin da yake iya yi da ɗan taimako. Lambar kwali ba ta san inda wannan tsakani yake ga wani yaro na musamman ba. Wanda ke zaune da yaron ne ya sani.

Hasumiyar Hanoi a matsayin misali

Domin a ga bambancin tsawo da zurfi a aikace, ya dace a bi wasa ɗaya daga farko zuwa inda ya tsaya. Hasumiyar Hanoi wasa ne da masanin lissafi ɗan Faransa, Édouard Lucas, ya fitar a 1883. Kayansa turaka uku ne a kafe a kan katako, da fayafai masu huda a tsakiya waɗanda girmansu ya bambanta. Ana jera fayafan a turken hagu, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Aikin shi ne a mayar da su duka turken dama bisa ƙa'ida biyu: faifai ɗaya ake ɗauka a lokaci guda, kuma ba a ɗora babba a kan ƙarami. Kowane kafinta zai iya yin sa da ragowar katako, har ma ana iya yin sa da murafan robobi masu girma daban-daban da da'ira uku da aka zana a ƙasa.

Da fayafai uku, mafi gajeriyar hanya motsi bakwai ce. Ƙarami ya tafi dama, matsakaici ya tafi tsakiya, ƙarami ya hau kan matsakaici, babba ya tafi dama, ƙarami ya koma hagu, matsakaici ya hau kan babba, sannan ƙarami ya rufe. Yaro mai saurin fahimta yakan kai ga wannan cikin 'yan mintuna ta hanyar gwaji. A nan ne mai bin shawarar marubucin zai ce wasan ya yi masa sauƙi, ya zuba masa fayafai takwas gaba ɗaya. Wannan kuskure ne, domin takwas na buƙatar motsi 255, kuma wanda bai gano tsarin ba zai ɓace a tsakiya ya watsar. Abin da ya dace shi ne a ƙara faifai ɗaya, a kuma ƙara tambaya ɗaya: motsi nawa ne mafi ƙaranci? Sai a ba shi takarda ya riƙa rubuta abin da ya ƙirga.

Da fayafai huɗu zai iya farawa da motsi ashirin da wani abu, ya riƙa ragewa har ya tsaya a 15. Da biyar zai tsaya a 31. Idan ya jera 7 da 15 da 31 a takarda, tambaya ta gaba ta fito da kanta: shida fa, kafin a gwada? Yaron da ya lura cewa kowace lamba ninkin ta baya ce da ƙarin ɗaya zai ce 63, ya gwada ya tarar haka ne. Mataki na gaba shi ne dalili. Kafin babban faifai ya motsa, dole duk na samansa su tattaru a turken tsakiya. Bayan ya motsa, dole su sake tattaruwa a kansa. Ke nan aikin fayafai biyar shi ne aikin huɗu sau biyu da motsi ɗaya na babban, wato 15 da 1 da 15. Yaron da ya faɗi wannan da bakinsa ya kama wata babbar dabara ta lissafi da tsara manhajar kwamfuta, wato warware babbar matsala ta hanyar mayar da ita ƙaramar irinta. A rubuce ƙa'idar ita ce 2^n − 1, inda n ke nufin yawan fayafai.

Har yanzu da saura. Zai iya gano cewa idan yawan fayafan mara ne, ƙaramin faifai yana fara zuwa turken da ake nufi, idan kuma cika ne yana fara zuwa ɗaya turken. Zai iya lura cewa ƙaramin yana motsi sau ɗaya a kowane motsi biyu. Idan duk wannan ya zauna, sai kafinta ya ƙara turke na huɗu, wasan ya koma sabo. Da turaka huɗu fayafai biyar na buƙatar motsi 13 kacal, takwas kuma 33. An gabatar da hanyar yin hakan a 1941, amma sai a 2014 masanin lissafi Thierry Bousch ya tabbatar da cewa babu hanyar da ta fi ta gajarta. Ke nan katako ɗaya da fayafai takwas sun ɗauki yaro daga wasan minti biyar zuwa bakin tambayar da ta daɗe tana ba masana aiki. Duk wannan ya dogara ne ga ba shi wasan mataki-mataki, da kuma samun babba da zai jefa tambaya ya yi shiru.

Abin da ke da amsa fiye da ɗaya

Hanya ta biyu ta samun zurfi ita ce wasan da amsarsa ta farko ba ta rufe shi. Wasan Soma, wanda ɗan ƙasar Denmark Piet Hein ya ƙirƙiro a 1933, misali ne mai kyau. Ana yanka ƙananan katakai 27 masu tsawo da faɗi da kauri daidai, a manne su su zama sassa bakwai: ɗaya mai katako uku, shida masu hurhuɗu, kowanne da irin lanƙwasarsa. Aikin farko shi ne a haɗa bakwai ɗin su zama dunƙule mai uku a tsawo, uku a faɗi, uku a tsayi. Akwai hanyoyi 240 mabambanta na yin hakan, ban da waɗanda juyawa ko madubi ke maimaitawa. Yaron da ya zo da murna ya ce ya gama, sai a ce ya zana yadda ya yi, ya nemo wata hanyar. Daga nan zai koyi ajiye bayanai da tantance ko sabuwar amsarsa tsohuwa ce da aka juya. Da sassan nan bakwai kuma ana gina kujera, matakala, gado da sauran siffofi, shi ma yana iya ƙirƙiro tasa ya ba wani ya warware.

A nan ya kamata a yi taka-tsantsan da dunƙulen Rubik mai fuska shida, wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin kyautar masu basira. Ernő Rubik ya ƙirƙiro shi a Hungary a 1974, kuma a 2010 an tabbatar da cewa duk yadda aka hargitsa shi ana iya gyara shi cikin motsi 20 ko ƙasa da haka. Yana da zurfi ƙwarai, amma yawancin yara ba ta zurfin suke shigarsa ba. Sukan haddace jerin juye-juye daga bidiyo, cikin mako ɗaya su iya gyara shi ba tare da sanin dalilin ko ɗaya daga cikin juyin ba. Daga nan abin da ya rage shi ne tseren lokaci. Wannan ba laifi ba ne, sai dai haddace hanya daban take da gano ta. Idan za a ba da shi, ya fi kyau a bar yaron ya gyara fuska ɗaya da zoben da ke kewaye da ita da kansa tukuna, kafin a nuna masa wata dabara.

Abokin karawa

Reshe na uku na shawarar, wato kwamfutar hannu, ya dogara ne a kan cewa matakanta ba sa ƙarewa. Gaskiya ne ba sa ƙarewa, amma a yawancin irin waɗannan wasanni mataki na ɗari shi ne mataki na goma da aka ƙara wa sauri ko yawa, sannan ga taurari da kiɗa da ake ba yaro lada da su don ya ci gaba da dannawa. Da yawa kuma suna miƙo amsa da zarar yaro ya ɗan tsaya, alhali wannan tsayawar ita ce lokacin da tunani ke aiki. Akwai keɓantattu. Manhajar Scratch, wadda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 kyauta, tana ba yaro damar tsara wasansa da kansa, kuma wannan aiki ne mai buɗaɗɗen ƙarshe. Ma'aunin dai ɗaya ne: yaron ne ke ƙirƙira, ko kuwa amsa kira kawai yake yi?

Abin wasan da ba ya ƙarewa da gaske shi ne wanda ke da mutum a ɗaya ɓangaren, domin abokin karawa yana koyo shi ma. Dara, wadda ake bugawa a ƙasar Hausa a Najeriya da Nijar, ta isa misali. A nau'inta mai gidaje talatin ana haƙa ramuka layi biyar, shida a kowane layi, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya ya riƙe tsakuwa, ɗaya guntayen kara. Ana fara zuba 'ya'yan bi da bi, ba a yarda a jera uku a wannan lokaci ba. Idan an gama zubi gidaje shida ne kawai suka rage fanko. Sannan ake tura ɗa gida ɗaya gaba ko baya ko gefe, wanda ya jera uku a layi ya ci ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Ƙananan ƙa'idoji kan bambanta daga gari zuwa gari, don haka ana daidaitawa kafin a fara. Zurfin wasan yana cikin zubi, domin a nan ake shirya tarkon da zai yi aiki bayan motsi da yawa. Gwanaye sukan nemi tsarin da ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin gidaje biyu yana cika uku a kowane motsi. Yaron da ya fara hango irin wannan tsari tun daga zubi ya shiga matakin da shekaru ba sa ƙare shi.

Sharaɗin irin wannan kyauta shi ne lokacin babba. Allon dara ko na ces da aka ajiye ba abokin bugawa katako ne kawai. Kuma kada babba ya riƙa faɗuwa da gangan, domin yaro mai lura yana ganewa, nasarar ta zama ba ta da daɗi. Abin da ya fi shi ne a yi rangwame a fili: babba ya fara da 'ya'ya goma, yaro da goma sha biyu, a riƙa rage rangwamen yayin da yaron ke ƙarfi. Haka ma kayan ƙira suke. Yaran da ke yin motar kara ko ta gwangwani da waya suna cikin aikin da ba shi da amsa ɗaya, domin kowace mota tana nuna aibin da za a gyara a ta gaba. Ga yaron da ya kai shekarun riƙe kayan aiki a gaban babba, waya mai laushi da filaya ƙarama da gam da ma'auni sun fi motar da aka gama ƙerawa a masana'anta.

Yadda ake gane an dace

Ana gane matakin kyauta daga halin yaro a kwanakin farko. Idan ya gama ba tare da ya yi kuskure ko sau ɗaya ba, abin ya yi ƙasa. Idan yana gwaji barkatai ba tsari, yana maimaita kuskure ɗaya, ko yana miƙa wa babba ya yi masa, abin ya yi sama, sai a rage faifai ɗaya ko a ƙara rangwame. Alamar dacewa ita ce ya kasa, ya canza dabara, ya tashi ya tafi, sannan ya dawo da kansa ba a kira shi ba. Wata alamar ita ce ya fara canza ƙa'ida ko ƙirƙiro wa wasu tambaya.

Akwai kuma abin da marubucin bai taɓo ba, wato cewa yaron da ya saba gama komai nan take sau da yawa bai saba da kasawa ba. Ranar da ya fara haɗuwa da abin da ya ƙi masa, yana iya yin fushi ko ya ce wasan banza ne, iyaye su ɗauka kyautar ce ba ta yi ba. Binciken da Claudia Mueller da Carol Dweck suka wallafa a 1998 a kan yara 'yan aji biyar na firamare ya nuna cewa waɗanda aka yaba wa kaifin basira sun fi karkata ga zaɓen aiki mai sauƙi, kuma ƙoƙarinsu ya ragu bayan sun gamu da kasawa, idan aka kwatanta da waɗanda aka yaba wa himma. Saboda haka yawan faɗa wa yaro cewa akwai shi da kai yana iya sa ya guji duk abin da zai ƙaryata wannan yabo. Ya fi amfani a tambaye shi yadda ya yi, da abin da ya gwada kafin ya dace, da abin da zai canza a karo na gaba.

Wannan duka yana da iyaka. Ba kowane yaro mai jefar da abin wasa da wuri ne ya gama fahimtarsa ba. Wani hankalinsa ne ba ya tsayawa, kuma ana bambancewa ta hanyar neman ya bayyana yadda abin ke aiki. Sannan zurfi ba ya maye gurbin sha'awa: yaron da zuciyarsa ke ga zane ko kiɗa ko dabbobi ba lallai ne Hasumiyar Hanoi ta riƙe shi ba, sai a nemo masa abin da ke da irin wannan tsani a fagen da yake so. Kafin a biya kuɗin kowace kyauta, tambayoyi uku sun wadatar: me zai rage wa yaron ya gano bayan ya warware ta sau ɗaya, shin ana iya ƙara mata wuya kaɗan-kaɗan, kuma wa zai zauna tare da shi a kanta.